Takardar fili, mota ko mutum: wanne ya fi tsare kuɗin mai ba da bashi a Abuja?

Duk wanda ke ba da kaya ko kuɗi bashi, dila ne a kasuwar Dei-Dei ko ɗan kwamitin ƙungiyar gama-kai ko ma'aikacin banki a Wuse, tambayoyi biyu ne a gabansa, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Ta farko: mutumin nan zai biya? Ta biyu: idan bai biya ba, nawa zan iya dawo da shi, kuma cikin wane lokaci? Jingina tana amsa ta biyun ne. Ba ta sa kasuwa ta yi kyau, ba ta hana siminti tashi, ba ta hana ɗan kwangila riƙe wa mai bulo kuɗinsa. Abin da take yi shi ne rage girman asarar bayan abin ya riga ya lalace. Mai tsayawa, wanda 'yan kasuwa ke kira garanto, yana taɓa tambayoyin biyu, amma kowacce rabi-rabi. Bashin da ba jingina ba garanto kuwa kacokan yana kan tambaya ta farko.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na kwatance ne, ba farashin kasuwar yau ba. A ce wani mai buga bulo a Kubwa ya zo wurin dilan siminti yana son kaya na naira miliyan 5. An yi ciniki a kan miliyan 5.6, zai biya dubu 700 duk wata har wata 8. Ribar dila dubu 600 ke nan. Da aka tambaye shi abin da zai ajiye, sai ya ce: "Alhaji, zaɓi ya rage naka. Ga takardar filina na wajen Bwari, ya kai miliyan 12. Ga motar da nake dakon bulo da ita, ta kai miliyan 7. Ga kuma Yayana ma'aikacin gwamnati ne, zai tsaya mini. In kuma ka yarda da ni haka nan, ka san shekara nawa muna tare."

Kusan kowa takardar fili zai fara kai wa hannu. A ganina ita ce mafi rauni a cikin ukun, kuma dalilin yana buƙatar a tsaya a kansa.

Takarda a cikin durowa ba jingina ba ce tukuna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati sai da izinin gwamna, a Abuja kuwa Ministan Birnin Tarayya ne ke ba da wannan izini. Ba wasa ba ne: a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar banki ɗungurungum saboda ba a nemi izinin gwamna ba, alhali wanda ya ci bashin bai musanta cewa ya ci ba. Don haka bankuna ke bin matakai kafin su saki kuɗi. Su fara da bincike a ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, don su ga sunan wa ke kan filin, ko an riga an jinginar da shi, ko ana bin sa harajin ƙasa, ko ma an soke takardar. Sai mai ƙiyasin kadara ya je ya gani da idonsa. Sai lauya ya rubuta yarjejeniyar jingina, a nemi izinin Minista, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Idan kamfani ne ya ci bashin, akwai ƙarin rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 90, in ba haka ba ranar da kamfanin ya rushe mai jingina zai shiga layi ɗaya da sauran masu bin bashi. Wannan aiki yana cin watanni, yana cin kuɗi. A bashin miliyan 200 na shekara 5 ya biya wahalarsa. A bashin siminti na wata 8, mai yiwuwa wa'adin ya cika izinin bai fito ba.

To idan aka karɓi takardar kawai aka ajiye, ba a bi matakan ba fa? Doka ba ta ce aikin banza ba ne. Tana ɗaukarsa jingina mara cika: kana da haƙƙi a kan filin, amma ba ka da ikon sayarwa da kanka, sai ka je kotu ta ba ka umarni. Wanda ya taɓa bin shari'ar fili ya san ba a lissafa ta da watanni.

Sannan akwai matsalar da ta keɓanci Abuja. Dukkan ƙasar Birnin Tarayya tana hannun gwamnatin tarayya tun dokar 1976, kuma Minista ne kaɗai ke da ikon raba ta. Amma akwai tarin mutane a Bwari, Kuje, Gwagwalada da ƙauyukan da gari ya cim musu da ke riƙe da takardar ƙaramar hukuma, ko takardar cinikin da hakimi ko mai unguwa ya sa wa hannu. Mai ita da gaske ya biya kuɗinsa, ba ƙarya ya yi maka ba. Sai dai idan ba a daidaita takardar a AGIS ba, wani na iya fitowa gobe da takardar shaidar mallaka ta Minista a kan fili ɗaya, ko kuma motar rusau ta zo. Miliyan 12 ɗin da aka faɗa farashin masu saye ne da suka yarda su yi kasada; ba farashin da kotu za ta tsaya a kansa ba ne. A kuma lura da iyaka: filin Mararaba ko Masaka na Jihar Nasarawa ne, na Suleja da Madalla na Jihar Neja, don haka bincike da izini can ake nemansu, ba a AGIS ba. Mutane da yawa suna cewa "filina na Abuja" alhali yana wata jiha.

Ko da takarda ta cika, a tambayi me ke kan filin. Kango ya fi gidan da iyali ke ciki sauƙin sayarwa nesa ba kusa ba. Ranar da ka tashi sayar da gidan da mata da yara ke kwana, limamin unguwa zai zo, dattawan kasuwa za su zo, kuma masu saye za su ja baya don ba mai son a ce shi ya sayi gidan da aka fitar da iyalin wane. Gidan gado ya fi wannan muni, domin wanda ya kawo takardar kasonsa kawai ya mallaka, sauran magada ba su ci bashinka ba.

Yanzu motar. Ta fi filin ƙarancin daraja, kuma kullum raguwa take yi, amma tana da abin da filin ba shi da shi: ana iya mayar da ita kuɗi cikin makonni. A ce mai bulo ya biya wata 3, miliyan 2.1, sai abubuwa suka tsaya. Saura miliyan 3.5. Motar da aka ce ta kai miliyan 7 ba haka za a saye ta ba, domin dillalai suna jin ƙamshin sayarwar dole tun daga nesa, ga kuma aikin da ta sha a watannin nan. A ce ta tashi a miliyan 4.5, a cire dubu 400 na dillali da lauya da ɗan gyara. Saura miliyan 4.1. Dila ya ɗauki miliyan 3.5 ɗinsa, ya mayar wa mai mota dubu 600. Wannan ne ya sa masu ba da bashi da suka san aiki ba sa kallon farashin kasuwa, farashin sayarwar dole suke kallo, kuma suna son ya rufe bashin har da rara. Da bashin miliyan 5 ɗin ya lalace tun watan farko, da motar ba ta rufe shi ba. A nan ne ake neman kafin-alƙalami, ko a rage yawan kayan.

Batun mayar da rara ba alheri ba ne, wajibi ne. Sharaɗin da wasu ke rubutawa cewa "idan bai biya ranar kaza ba motar ta zama tawa" bai inganta a fiƙihu ba, kuma kotun boko ma ba ta son sa. Jingina ana sayar da ita ne a biya bashi, abin da ya ragu na mai ita ne, abin da ya gaza kuma yana nan a wuyansa.

Matsalar mota ita ce a hannun wa za ta zauna. A mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, kuma ayar da ta yi maganar jingina kusa da ƙarshen Suratul Baƙara ta siffanta ta da abin da aka karɓa. Amma idan ka karɓe motar ka ajiye a gareji, ka yanke hanyar da mutumin zai samo kuɗin biyanka. Idan ka sa ta aiki kana cin kuɗin, a bashin rance ka faɗa abin da malamai suka hana. Idan ka bar masa ita ka riƙe takardu kawai, ana iya zuwa a ce sun ɓata a yi sababbi, motar ta tsallaka wata jiha. Abin da ya rage wannan ciwon kai shi ne dokar jinginar kadarorin da ake iya ɗauka ta 2017 da rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. A can ake shigar da cewa mota kaza mai lambar jiki kaza tana jingine, haka inji, kayan shago, dabbobi, har kuɗin da mutum ke bin wasu. Amfaninta biyu ne. Kafin ka ba da kaya za ka iya bincikawa ko wani bankin ya riga ka. Bayan ka shigar kuma, wanda ya fara rajista shi ke gaba idan masu bin bashi suka yi yawa. Rajista ba ta hana mota haɗari a hanyar Zuba, don haka a haɗa da inshora mai cikakken rufi, ba ta nuna wa jami'an hanya ba, a kuma sa na'urar bin sawu. Ranar karɓewa a ba da sanarwa a rubuce kamar yadda dokar ta tanada. Aika ƙarti su tare direba a hanya yana mayar da mai gaskiya mai laifi.

Sai Yayan nasa. Garanto aljihu ne na biyu, don haka a auna aljihun, ba rawanin ba. A ce albashinsa dubu 300 ne. Abin da aka saba ɗauka mutum zai iya jurewa shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi, dubu 100 a wata. Miliyan 3.5 ɗin da ta rage za ta ɗauki wata 35, kusan shekara 3, a bashin da aka shirya wa wata 8. Wannan ma idan babu wani banki ko ƙungiyar ofis da ke cire nata tun daga tushe, kuma idan bai tsaya wa wasu mutum huɗu ba. A nemi takardar albashinsa da bayanan asusunsa na watanni, a ga abin da ke shiga hannunsa da gaske. Ta fuskar dawo da kuɗi, motar ta fi shi.

Amma garanto yana yin aikin da mota ba ta yi. Na farko, yardarsa labari ce. Yayan mutum ya san abin da dila bai sani ba: ko yana caca, ko ana bin sa bashi a wani wuri, ko kwangilar da yake faɗa ta tabbata. Idan mutum ya shekara 15 a gari ya rasa mai sa masa hannu ko ɗaya, an riga an ba ka amsa. Na biyu, kunya. Wanda zai iya kashe wayarsa don kada dila ya same shi ba zai iya ɓuya wa Yayansa ranar suna ko ranar Salla ba. Garanto nagari yakan sa a biya tun kafin a kai ga taɓa aljihunsa.

Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne ma'anar tsayawar. Mutum zai ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan na san shi, ba shi da matsala, ba shi kawai." Wannan shaida ce, ba lamuni ba. Wani kuma abin da ya ɗauka shi ne zai nemo maka shi idan ya ɓace, ba zai biya ba. Fiƙihu ma ya raba lamunin kawo mutum da lamunin dukiya. Doka tana son lamuni ya zama a rubuce da sa hannun mai tsayawa. A rubuta adadin da ya ɗauka, a karanta masa da harshen da yake ji a gaban shaidu, a ce masa ƙarara: "Malam, idan ƙaninka bai biya ba, kai za ka biya miliyan kaza. Ka yarda?" Wanda ya yi jim a nan gara ya yi shi yau.

A kuma rubuta yaushe ake zuwa kansa, domin a nan hanyoyi biyu sun rabu. Kotunan Najeriya sun sha yanke cewa da zarar wanda ya ci bashi ya saɓa, mai bin bashi na iya kama garanto kai tsaye ba sai ya fara kai ƙarar na farkon ba. Sanannen ra'ayin Malikiyya kuwa shi ne ba a bin mai lamuni sai idan wanda ake bi ya tsiyace ko ba ya nan. Garanto Bahaushe da wannan fahimtar ta biyu yake sa hannu, takardar banki kuma da ta farko aka rubuta ta. Rigima da yawa daga nan take tashi. Wani tarkon kuma dila ne ke haƙa wa kansa: mai bulo ya zo ya roƙi ƙarin wata 4, ko ƙarin buhu 100, dila ya yarda don mutunci bai sanar da garanto ba. Canza yarjejeniya ba da yardar mai tsayawa ba na iya sauke masa nauyin gaba ɗaya. Duk sauyi, a kira shi ya sake sa hannu.

Garanton da ya fi kowanne rashin amfani shi ne wanda ke cin abinci a kwano ɗaya da wanda ake bi. Abokin sana'arsa mai bulo a layi ɗaya, ko matarsa da jarinta daga wurinsa ya fito: ranar da gini ya tsaya a Kubwa, tare za su tsaya. Ma'aikacin gwamnati, duk da ƙarancin albashinsa, aƙalla ruwan da ya doki ƙanin bai dake shi ba.

Saura zaɓi na huɗu, a ba shi haka nan. Kada a raina shi, domin yawancin cinikin Dei-Dei da Wuse a kansa yake tafiya, kuma yana da arha: ba lauya, ba jira. Amma lissafinsa daban ne. Ribar dubu 600 a kan miliyan 5 tana nufin mutum ɗaya da ya gudu da kayan gaba ɗaya ya cinye ribar mutum 8 da suka biya lafiya, har da ɗoriya. Da akwai jinginar da za ta dawo da kashi 70 cikin 100 na jarin, asarar miliyan 1.5 ce, ribar mutum biyu da rabi. Wannan shi ne dukkan bambancin da ke tsakanin bashi mai jingina da mara jingina a idon mai bayarwa, kuma shi ya sa na biyun yake zuwa da tsada, da ƙaramin adadi, da gajeren wa'adi. Mai ba da bashi ba jingina yana tsira ne da yawan mutane da ƙanƙantar abin da ke hannun kowannensu. Dubu 250 a hannun mutum 20 kasuwanci ne. Miliyan 5 a hannun mutum ɗaya ba komai a ƙasa, wannan sa rai ne.

Bankuna suna iya ba ma'aikata bashin albashi ba jingina ne don suna da makaman da dila ba shi da su. Albashin ta hannunsu yake bi. Suna duba tarihin mutum a kamfanonin tattara bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ke ba banki damar ɗebo abin da yake bi daga asusun mutum na wasu bankunan ta hanyar lambar BVN, idan ya sa hannu a kan haka tun farko. Dila ba ya cikin wannan tsari. Abin da yake da shi shi ne littafinsa: sau nawa mutumin nan ya karɓa, sau nawa ya biya a kan lokaci. Wasu suna karɓar cek mai kwanan wata na gaba, kuma yana da ɗan tsoratarwa tunda dokar 1977 ta sa ɗaurin shekara 2 ga mai ba da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa. Amma cek ba kadara ba ce, ɗaure mutum kuma ba ya sayo siminti. Haka kai ƙara ofishin 'yan sanda: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda aka tsare na iya juyowa ya nemi diyya a kotu.

Da ni ne dilan, ga yadda zan yi da mai bulon nan. Kafin maganar jingina zan je wurin aikinsa in ga bulo nawa yake bugawa a rana, su wa ke saye, su wa ke biya nan take, domin dubu 700 ɗin wata daga nan za ta fito ba daga fili ba. Idan lissafin bai kai ba, ba zan bayar ba ko da takardar Maitama ya kawo. Sana'ata sayar da siminti ce, ba gwanjon kadarori ba. Idan ya kai, zan ɗauki motar da rajista da inshora, in haɗa da sa hannun Yayan a kan adadi sananne, misali miliyan 1.5, abin da zai iya biya cikin wata 15 ba tare da gidansa ya rushe ba. Kayan kuma ba zan sake su lokaci ɗaya ba: rabi yanzu, rabi bayan ya biya wata 2. Takardar filin zan mayar masa, sai dai idan bincike a AGIS ya nuna ta Minista ce da sunansa, bashin kuma ya girma ya yi tsawon da zai ɗauki kuɗin lauya da jiran izini. Idan kuwa buhunan da ba su wuce na dubu 300 ba yake nema zuwa ƙarshen wata, kuma littafi ya nuna bai taɓa saɓawa ba, zan rubuta adadi da ranar biya, mu sa hannu gaban shaidu biyu, a loda masa.